Yadda ake karanta hoton tirakin a gano inda kaya suka maƙale, da abin da za a faɗa wa kamfanin da ya ɗauko su

Wata Talata cikin damina ƙanena mai gyaran waya a Taminus, nan cikin Jos, ya faɗo min shago, rigarsa a jiƙe, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min wayarsa. "Yaya, duba min wannan don Allah. Yau kwana goma sha biyar kayana na Legas sun ƙi motsi. Ni dai ina jin sun ɓatar da su ne." Sikirin ɗin waya talatin ya saya daga Shenzhen ta ƙasar Chaina, kuma ya riga ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutum shida da ke jiran gyara. Sau uku yana kiran kamfanin da ya ɗauko kayan, kullum tambayarsa ɗaya, ina kayana, kullum amsar ɗaya, suna kan hanya.

Da na zauna da hoton da mai sayarwa ya turo masa na allon tirakin, wato shafin kamfanin da ke nuna inda kaya suka kai, minti biyar ba ta cika ba na ga cewa kayan ba su yi kwana goma sha biyar a Legas ba, ba su kuma ɓata ba, kuma shi kansa ake jira. Duk yana rubuce a hoton. Ga yadda nake karantawa, da hoton nasa zan yi misali daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: ka tabbata hoton cikakke ne

Yawancin hotunan da ake turo wa mutane ta WhatsApp guntaye ne. Mai sayarwa ya ɗauki saman shafin kawai, inda aka rubuta `In transit` da manyan baƙaƙe da wani koren layi, ya turo maka don hankalinka ya kwanta. Wannan bai gaya maka komai ba. Hoton da za a iya aiki da shi sai ya nuna lambar tirakin gaba ɗayanta, da sunan kamfanin, da garin da za a kai kayan, da jerin layukan nan masu kwanan wata da lokaci da sunan gari. Idan layi biyu ko uku kawai kake gani, akwai wurin da ake dannawa a buɗe sauran, galibi `See all updates` ko `Show details`.

Sannan hoto abu ne da ya tsaya a ranar da aka ɗauke shi. Ka tambayi ranar. In da hali ma, ka kwafi lambar ka shigar da ita da hannunka a shafin kamfanin, ka ɗauki naka hoton. Na sha ganin mutum yana tada jijiyar wuya kan hoton shekaranjiya alhali kayan sun riga sun wuce wurin.

Siffar lambar kanta tana gaya maka wa ya kamata ka nema. In ka ga haruffa biyu, lambobi tara, sannan haruffa biyu, kamar `EE123456785CN`, to ta gidan waya aka aiko, kuma a nan gida NIPOST ce za ta karɓa. Haruffan ƙarshe su ne ƙasar da aka saka kayan, `CN` Chaina, `GB` Birtaniya, `US` Amurka. Harafin farko kuma irin aiken ne, `E` na EMS mai sauri, `R` rajista, `C` fasil na yau da kullum. Kamfanoni masu zaman kansu kowa da tsarinsa, DHL Express alal misali lambobi goma ne zalla. Kada ka rikita lambar oda da kanti ya ba ka da lambar webil, wato takardar da kamfanin dakon ke mannawa a kwali. In ka karanta musu lambar oda a waya ba za su ga komai a kwamfutarsu ba.

Mataki na biyu: daga ƙasa ake farawa

Ga abin da ke wayar ƙanena bayan mun buɗe duka layukan:

```
21 Jul 08:05  LAGOS      Shipment on hold
18 Jul 08:10  LAGOS      Shipment on hold
17 Jul 08:03  LAGOS      Shipment on hold
16 Jul 08:07  LAGOS      Shipment on hold
15 Jul 08:02  LAGOS      Shipment on hold
14 Jul 15:40  LAGOS      Clearance event
14 Jul 06:10  LAGOS      Arrived at facility
12 Jul 02:30  HONG KONG  Departed facility
11 Jul 18:45  SHENZHEN   Picked up
07 Jul 10:20  SHENZHEN   Shipment information received
```

Sabon labari yana sama, tsoho yana ƙasa. Ido kan sauka kan layin sama ya tsaya a nan, kuma nan ne ake yin kuskuren. Ka sa yatsa a layin ƙasa ka riƙa hawa, kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓace daga turke.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne tirakin ba ya bin kwalinka a hanya kamar yadda taswirar waya ke bin mota. Kowane layi na nufin an yi wani abu a wani lokaci da ya wuce, mafi yawa ma'aikaci ne ya haska na'ura kan zanen lambar da ke jikin kwalin. Tsakanin haskawa biyu babu wanda ya rubuta komai. Kwali na iya zama cikin jirgi yana tafiya lafiya lau, shafin kuma shiru.

Kuma ba kowane layi ba ne ke nuna cewa hannu ya taɓa kwalin. Layin ƙasan nan, `Shipment information received`, wasu kan rubuta `Label created`, ma'anarsa mai sayarwa ya cike bayanai a kwamfuta ya buga takardar da za a manna. Kwalin yana ɗakinsa, wataƙila ma bai haɗa kayan ba. Sai ka ga `Picked up` ko `Accepted` sannan kayan suka shiga hannun kamfani. Haka kuma wani lokaci za ka ga layin kwastan ɗauke da sunan LAGOS, irin su `Customs status updated`, tun kayan ba su baro Asiya ba, saboda takardu kan riga kwali isowa. Shaidar isowa ita ce `Arrived`.

Su kuma layuka biyar ɗin nan na sama, dubi lokutansu. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci kowace safiya, kalma ɗaya, gari ɗaya. Wannan lissafin kayan da ke ajiye ne ake yi kullum da safe. Labari ɗaya ne aka maimaita sau biyar. Mutum kan ga sabon kwanan wata kullum, sai ya ɗauka ana aiki a kan kayansa. Motsi na gaskiya na ƙarshe shi ne na ranar 14 da ƙarfe 3:40 na yamma.

Mataki na uku: ɗauko biro ka ƙirga tazara

Nan ne aikin yake. A bayan wani tsohon rasit na rubuta masa kwanakin da ke tsakanin kowane motsi da na gaba da shi.

Daga 7 zuwa 11 ga Yuli kwana huɗu ne, Litinin zuwa Juma'a, duk ranakun aiki, kwalin bai bar hannun mai sayarwa ba. Wannan jinkirin ba na kamfanin dako ba ne ko kaɗan. Mutumin ya turo lambar tirakin ranar Litinin ya ce an aika, ƙanena ya fara ƙirga kwanaki daga ranar.

Daga 11 zuwa 14 kwana uku, daga Shenzhen zuwa Legas, har da Asabar da Lahadi a ciki. Wannan babu abin cewa, tafiya ce mai kyau.

Daga 14 zuwa ranar da muke zaune, 22 ga wata, kwana takwas. Huɗu da uku da takwas, ga goma sha biyar ɗinsa. Cikin takwas ɗin in ka cire Asabar da Lahadi, cikakkun ranakun aiki biyar ne suka wuce kwalin na wuri ɗaya. Shi ya sa ma ba ka ga layin 19 da 20 ba.

Ƙirga ranakun aiki yana da muhimmanci domin da su kamfani ke yin alkawari. In ka ce musu kwana takwas za su ce maka biyar ne, gardama ta koma kan lissafi maimakon kaya. Ka riga su faɗa. Ka kuma tuna da hutun ƙasashen biyu. A Chaina ana dogon hutu a makon farko na Oktoba, ga kuma hutun sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu da yawa ke rufewa. Nan gida ga hutun Sallah da Kirsimeti. Shiru a irin waɗannan kwanaki ba alamar matsala ba ce.

Akwai kuma batun agogo. Lokacin da ke kowane layi galibi na garin da aka yi haskawar ne. Chaina da Hong Kong suna gabanmu da awa bakwai, Dubai da awa uku. Ƙarfe 2:30 na daren 12 ga wata a Hong Kong, a nan Jos ƙarfe 7:30 ne na yammacin 11. Wannan ne ke sa wani lokaci ka ga kamar layi na gaba ya riga na baya faruwa. In kuma kayan daga Amurka ne, su wata suke fara rubutawa kafin rana, `07/11` a wurinsu 11 ga Yuli ne. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta kusa kuka don ta ɗauka sai Nuwamba kayanta za su zo.

Mataki na huɗu: kwalin yana hannun wa?

Tazara mafi tsawo ta nuna maka inda aka tsaya. Layin da ya zo daf da fara tazarar kuma shi ke nuna wanda ƙwallon ke wurinsa. Hannuwa huɗu ne kaya ke bi kafin naka: mai sayarwa, kamfanin dako a hanya, kwastan, sai mai kawowa gida.

In shirun ya biyo bayan `Label created`, mai sayarwa za ka nema, kiran kamfani ɓata kati ne. In ya biyo bayan `Departed`, kayan na cikin jirgi ko mota, ko suna jiran gurbi a wata tashar da ba a haska su ba. Ga masu saurin kawowa ta sama, in ya wuce ranakun aiki uku ko huɗu ina fara tambaya. Ga gidan waya na yau da kullum kuwa makonni ma ba abin mamaki ba ne, kuma sau da yawa shafin ƙasar da ta aiko kan daina magana da zarar kayan sun bar ta, sai ka gwada lambar a shafin NIPOST ko shafin da ke haɗa bayanan kamfanoni da yawa irin 17TRACK.

Na ƙanena shirun ya biyo bayan `Clearance event`. Nan mutane ke saurin cewa kwastan sun riƙe min kaya, su zauna jiran ikon Allah. Amma kalmar ba ta ce an ƙwace ba. Cewa take yi an fara fitar da kayan sai aka ci karo da wani abu, kuma mafi yawan lokuta ɗaya ne cikin uku: takarda ta rasa, ko ba a yarda da farashin da aka rubuta ba, ko an yanka kuɗin fito ana jiran a biya. Duka ukun mai kaya ake jira.

Sai na ce ya nemi mai sayarwa ya turo hoton webil ɗin da aka manna a kwalin da takardar farashin da ta biyo shi. Da suka iso, ga abin nan a fili. A wurin bayanin kaya an rubuta `accessories` kawai, farashi dala 20, nauyi kilo uku da rabi. Wane jami'i ne zai buɗe kwali ya ga sikirin talatin ya yarda dala ashirin ne? Mai sayarwar a tunaninsa taimako ya yi don fito ya yi sauƙi. Sannan lambar wayar ƙanena an ci lamba ɗaya a tsakiyarta, imel ɗin da ke jiki kuma na mai sayarwar ne. Kenan ko an nemi ƙanena ba a same shi ba, shi kuma kiran da yake yi bai taɓa kaiwa ga tambayar da ta dace ba.

Na ce masa, "Kai ake jira tun ranar Litinin ta makon jiya." Ya yi shiru ya riƙe haɓa.

Mataki na biyar: abin da za ka faɗa

Wanda ya ɗaga wayarka a kamfani yana kallon kusan allon da kake kallo, sai dai nasa yana da ƙarin bayanin da ma'aikata ke rubuta wa juna. In ka ce ina kayana, layin sama zai karanta maka. In ka kama layi ɗaya da kwanan watansa ka tambayi dalilinsa, dole ya buɗe bayanin ciki. Ga saƙon da muka tura, a rubuce ta imel ɗin da ke shafin kamfanin, don a samu shaida. Kai ma ka bi tsarinsa, ko da Turanci za ka rubuta, ka kwafi kalmomin allon yadda suke:

"Barka da aiki. Ni ne mai karɓar kaya masu lambar webil kaza, daga Shenzhen zuwa Jos. Tirakin ya nuna sun iso Legas ranar 14 ga Yuli da ƙarfe 6:10 na safe, an rubuta `Clearance event` da ƙarfe 3:40 na yamma, daga ranar 15 zuwa 21 kuma `Shipment on hold`. Cikakkun ranakun aiki biyar kenan babu motsi. Ina so in san dalilin riƙewar, da abin da ake buƙata daga gare ni. Na haɗo takardar farashi ta gaskiya, da shaidar biyan kuɗi, da katin shaidata. Lambar wayar da ke kan webil ba daidai ba ce, ga ta daidai. Don Allah a ba ni lambar ƙorafi, a kuma gaya min ranar ƙarshe da za a ci gaba da ajiye kayan."

Duba abin da babu a ciki. Ba mu kawo kwana huɗun mai sayarwa ba, don ba nasu ba ne, kuma ambatarsa zai ba su ƙofar cewa laifin na can ne. Ba mu ce an sace ba. Ba mu ba da labarin kwastomomin da ke jira ba, duk da shi ne ya fi damun ƙanena, don ma'aikacin ba shi da abin da zai yi da shi.

Tambayoyi biyu na ƙarshen nan kada ka bar su. Lambar ƙorafi ita ce ke hana ka sake labari daga farko duk ranar da ka kira. Ranar ƙarshe kuwa, kamfanoni ba sa ajiye kaya har abada, bayan wani lokaci kuɗin ajiya kan fara hawa, ko a mayar wa mai aikowa. Gara ka ji wa'adin daga bakinsu.

Bayan imel ɗin ya kira, na ce ya fara da lambar. Ina jin sa yana cewa, "Hajiya, barka da aiki. Ga lambar webil ɗina. Layin ranar sha huɗu nake tambaya a kai, me aka rubuta a ƙarƙashinsa?" Ta ɗan yi shiru ana jin ƙarar madannai, sannan ta ce ana neman shaidar biyan kuɗi, kuma an gwada lambarsa ba ta shiga.

In an yanko maka fito, ka nemi takardar da ta rarrabe shi. Ana lissafinsa ne kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin dako da inshora, don haka kada ka yi mamaki in ya ɗara abin da ka zata, ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wani lokaci da ladan kamfanin na fitar da kayan. Ka biya ta hanyar da kamfanin ya nuna a shafinsa ko a ofishinsa, ka karɓi rasit. Duk wanda ya kira ka ya ce shi jami'i ne, ka tura kuɗi asusu mai sunan mutum, ka kashe wayar. Wannan ma na daga cikin dalilan da nake hana mutane baza hoton tirakin a zaurukan WhatsApp da lambar a buɗe. Mai lambar yana iya ganin inda kayanka suka tsaya, ya san daidai ƙaryar da zai yi maka.

In kuwa amsar da ka samu ita ce ba a ga kwalin ba, to ka nemi a buɗe bincike, sannan ka koma wa mai aikowa nan take. Shi ya biya kuɗin dako, da shi aka ƙulla yarjejeniya, kuma galibi ta hannunsa ake neman diyya. A gidan waya na ƙasa da ƙasa ana karɓar ƙorafin rajista da fasil ne cikin wata shida daga ranar aikawa, kada a yi sake.

Mataki na shida: daga Legas zuwa ƙofar shagonka

Mu 'yan Jos muna da sauran zango bayan kwastan sun saki kaya, kuma a nan ma ana maƙalewa. Za ka ga `Clearance processing complete`, sai `Departed facility` daga Legas, wani lokaci da layin ABUJA a tsakani. Kwana ɗaya ko biyu na shiru a nan tafiya ce kawai. Abin lura shi ne layi irin `Forwarded for delivery` ko wanda ya ambaci `agent`. Yana nufin an miƙa kwalin ga wani ɗan kwangila, kuma daga nan tirakin na iya mutuwa gaba ɗaya. Tambayarka a nan ita ce wane kamfani aka ba, da wace sabuwar lamba, kuma ina ofishinsu a Jos.

`Out for delivery` yana nufin kwalin na cikin mota ko kan babur yau, ka bar wayarka a kunne. In da yamma ya koma `Delivery attempted` ko `Address incomplete`, kada ka ɓata lokaci kan musun an zo ko ba a zo ba. Gidajenmu a Anguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos lambar gida kaɗai ba ta kai baƙo. Ka ba su kwatance da masallaci ko makaranta ko gidan mai mafi kusa, da lambar waya ta biyu, ko ka ce a ajiye maka a ofis ka je da katin shaida ka ɗauka. Ni na ƙarshen nan na fi so, kuɗin keke ɗaya ya raba gardama.

In ka ga `Delivered` alhali ba ka karɓi komai ba, ka dubi sunan da ke bayan `Signed by` da lokacin. Ka fara da mai gadi da maƙwabcin shago kafin ka kira. In babu, ka nemi su turo maka shaidar miƙawa, wadda suke kira `POD`, mai ɗauke da sa hannun wanda ya karɓa.

Na ƙanena, ranar Alhamis aka turo takardar fito bisa farashin gaskiya, ya biya a ranar. Juma'a da yamma layin `Shipment on hold` ya daina fitowa, `Clearance processing complete` ya hau samansa. Litinin da hantsi ya je ofishinsu ya ɗauko kwalin, an naɗe shi da salatif ɗin da ke nuna an buɗe an duba. A gabansu ya yanka ya ƙirga, talatin cif. Odar da ya yi bayan wannan, kafin kwalin ya bar Shenzhen sai da ya sa aka turo masa hoton webil ɗin, ya bi lambar wayarsa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya kuma ce a rubuta sunan kayan da adadinsu da farashin da ya biya.